Ƙwayoyin Inna a bayan kwalla

Haihuwata ta fari gida na je, Maruta, kamar yadda aka saba. Inna ta daɗe tana cika baki cewa babu mai yi mini wankan jego sai ita. Itacen wankan ma tun cikina yana wata bakwai ta tara shi.

Tun rasuwar Baba take fama da faɗuwar gaba. Tana zaune lafiya sai zuciya ta hau dukan uku-uku, numfashi ya ƙi isa. Yayana ya kai ta babban asibitin Birnin Kudu, aka ba ta magani iri biyu, ɗaya na safe, ɗaya ƙarami na kwanciya. Ta samu sauƙi har muka manta.

Farkon jego lafiya lau. Da asuba ta tafasa ruwa a tukunya, ta tsoma ganyen darbejiya ta yi ta fyaɗa mini, ina ihu tana cewa, "Raguwa! Yi shiru ƙashinki ya gasu."

Kafin suna sai abubuwa suka rikice. Hannunta ya kama karkarwa, gumi kamar an watsa mata ruwa, barci ya ƙaurace. Ta ce in ta juya kai sai ta ji wani abu ya fizge ta kamar ta taɓa wayar lantarki. Kukan jaririna ma firgita ta yake yi. Gwaggo, ƙanwar Baba da ta zo daga Unguwar Ya, ta ce iska ce, an zubar da ruwan zafi ba bisimilla. Yayana ya ce taifot. Ni kuwa na rasa na kamawa, na sha kuka a ɗaki, don na ɗauka hidimata ce ke kashe ta.

Wata safiya kwaryar ruwan zafi ta suɓuce mata, saura ƙiris ta ƙone ƙafa. Ranar ina neman zanin goyo na ga ƙwayoyinta a bayan kwalla, ba a taɓa ba.

"Inna, me wannan yake yi a nan?"

"Na ajiye. Ƙaramin nan nauyin jiki yake sa ni, wa zai tashi ya hura wuta? Kuma ai na warke."

Wallahi haushi ya kama ni, amma ban san na me ba. Mutum ya warke ya bar magani, ina laifi? Duk da haka na ce sai asibiti. Gwaggo ta ce maijego ba ta fita kafin arba'in, na ce ai akwai rigakafin yaro, na saɓa jaririna, na tasa Inna a gaba.

Likitar mace ce, ba ta da hayaniya. Ta ce na safen a hankali yake aiki, sai an yi makonni yana daidaita wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da shi. Ƙaramin kuwa nan take yake kwantar da mutum, domin birkin ƙwaƙwalwa yake ƙara wa ƙarfi. In an daɗe ana sha, jiki sai ya saba, ya sassauta nasa birkin. Ranar da aka janye gaba ɗaya, babu abin da zai riƙe shi, shi ne karkarwa da rashin barci, wasu har jijjiga suke yi irin ta farfaɗiya. Fizgar da Inna ke ji kuma ta fi kama da ta barin na safen.

Sai ta duba kati ta ɗaga kai. Ashe ƙaramin na ɗan lokaci aka rubuta, Inna ce ta ci gaba da aike ana sayo mata a kemis.

"To likita," na ce, "shan sa laifi ne, barin sa ma laifi ne?"

"Yanzu ta koma shan su duka. Ƙaramin za ta bar shi, amma kaɗan-kaɗan, ni zan riƙa rage mata. Kada kowa ya ƙara ko ya rage a gida. Kuma Inna, ban da ɗaukar ruwan zafi har hannun nan ya tsaya."

Na gyaɗa kai kamar na gane. Gaskiya har muka hau mota ina juya maganar, yadda abu zai zama magani kuma ya zama ciwo.

Gwaggo ce ta ƙarasa wankan, da itacen da Inna ta tara. Inna takan zauna a kan turmi a bakin banɗaki, tana jiyo ihuna ta bayan zana. Rannan na fito ina tururi na tarar ta damƙe hannayenta tsakanin gwiwoyi.

"Ruwan bai yi zafi ba," ta ce. "Daga kukanki na gane."