Tsakuwar da ke Cikin Waken Inna

Shekarar da gwiwoyin Inna suka ƙi ɗaukarta zuwa kasuwa, ni na gaji teburinta a layin masu wake na Mubi. Na zo da takardar difloma da girman kai, na tarar da mudu ɗaya, faifai biyu, da wata tsohuwa mai ƙosai wadda Inna ta yi mini kashedi a kanta tun daga gida.

"Kowa zai iya tafiya, ban da ita," in ji Inna. "Tun kina goye take saye a wurina. Idan ta bar teburin nan, ki san kin zubar da ni."

Matar mutuniyar tsaunukan Michika ce, Hausarta ta koyo ce, kowa Mama yake ce mata. Kullum da hantsi takan zo ta auni mudu biyar, ta soya da yamma a bakin titi. Cinikinta ne ke riƙe da teburin a ranakun da kasuwa ta yi sanyi.

Wata biyu ina ciniki kamar ana rabon sadaka, amma duk ranar sari sai na ga kuɗin hannuna ba su kai buhu ba. Na zargi aljihuna, na zargi ƙwaƙwalwata, har na fara yi wa maƙwabta kallon banza. Daga baya na zauna na auna buhu guda daga farko har ƙarshe. A ƙauye mudu arba'in aka auna mini. Inna kuwa ba ta taɓa sayar da wake yadda ya fito daga buhu ba: sai an sheƙe shi, an tsince tsakuwa da wanda ƙwari suka huda. Da na gama wannan, mudu uku sun tafi. Tozon da muke yi wa mudu da gyaran da ake ƙara wa mai saye suka cinye wasu biyu. Ke nan talatin da biyar nake sayarwa, alhali da arba'in Inna take raba kuɗin buhu. Ba ta sa kuɗin keke, ba ta sa na ɗan dako, balle tikitin kasuwa da leda. Abin da ya rufa mata asiri shekara da shekaru shi ne waken gonarmu ta Sahuda, wanda take zubawa a kai ba tare da ta ɗauke shi a bakin komai ba. Gonar kuwa an ba da ita haya tun rasuwar Baba.

Na raba kuɗin da talatin da biyar, na haɗa da keke da dako da sauransu, na ɗora 'yar riba wadda ba zan ji kunyar faɗa a gaban kowa ba. Muduna ya fi na maƙwabta tsada da naira ɗari biyu.

Washegari Mama ta zo, na faɗa mata da murya ƙasa-ƙasa kamar wadda ta yi sata.

"Yarinya na, wake naki zinariya ne?" ta tambaye ni. "Maman ki bai taɓa yi mini haka ba."

"Mama, kaya ne suka..."

"Kaya ya tashi a teburi naki kaɗai?"

Ta ɗauki bokitinta ta taka taku huɗu zuwa teburin Alhaji, maƙwabcina, wanda kakanninsa suka zo daga Katsina da fatauci. A gabana aka auna mata, ina kallo ina haɗiyar zuciya. Na ji haushinta, na ji haushin Alhaji, na fi jin haushin kaina. A gida Inna ta tambaye ni ko Mama tana lafiya, na ce lafiya lau, na shige ɗaki.

Alhaji ba macuci ba ne, dole in faɗi gaskiya. Mudunsa cikakke ne, sai dai yadda buhu ya zo haka yake aunawa, mai saye ya je ya tsince abinsa. Mako guda ya ga ina zaune ina korar ƙuda, sai ya leƙo.

"'Yata, ko dai ki daina tsincewa ki sayar yadda muke sayarwa, ko ki daina barin maganar a cikinki. Wa ya san wahalar da kike sha? Kina sheƙewa a gida, ki zubar a bola, ki zo ki ce a biya ki."

Na so in ba shi amsa mai zafi, domin bakina ba ya da linzami, amma maganarsa ta zauna mini. Da na sari sabon buhu, sai na sheƙe shi na tsince, ban zubar da komai ba. Na tara tsakuwar da ƙaiƙayin da hudajjen waken a cikin tasa, na ɗauko har kasuwa, na ajiye ta a tsakiyar tebur. A hagu na zuba wanda ban taɓa ba, kuɗinsa daidai da na Alhaji. A dama na zuba tsintacce da nawa kuɗin.

Ranar na sha tsiya. Mai barkono ta ce, "Adda, nawa ne mudun dutse? Ina gini." Wani mai keke ya ce a ajiye masa na naira hamsin. Na ce da su duka kyauta ne, ai a cikin wake ake ba su kullum ba su sani ba. Duk wanda ya tambayi dalilin bambancin kuɗi, tasar nake nuna masa in ce daga buhu ɗaya ta fito, ya zaɓi wanda ya ga dama. Masu gida da yara da yawa suka riƙa ɗaukar na hagu, ga hannuwan tsincewa. Ma'aikata da 'yan makaranta suka koma na dama. Ba wanda ya sake ce mini na yi tsada, kuma ranar sari kuɗina suka kai buhu har da canji.

Mama dai ba ta dawo ba. Takan wuce ta gabana, ta saci kallon tasar, ta kau da kai. Ni ma na ƙi kiranta, domin idan na rage mata sai na rage wa kowa, in koma gidan jiya. Amma kullum idan Inna ta ce in gaida Mama, sai in ji abinci ya fita raina.

A mako na huɗu ta tsaya a gabana. Ba ta gaishe ni ba. Ta kwance bakin zanenta, ta fito da wata leda ɗaurarriya, ta juye a cikin tasata. Tsakuwa ce zalla, ta kusa cika gwangwanin madara.

"Ƙara da nawa," in ji ta. "Ni na tsince da ido na, har baya na ya riƙe. Mai inji na niƙa ya ce in na sake kawo masa dutse, in nemi wani wuri. Shekara nawa ina soya, ban san maman ki ne yake ɗauke mini wannan ba."

Ta miƙo bokiti ta nuna dama. Na auna mata biyar, kowanne da tozonsa. Ta ƙirga sabon kuɗin cif, ba ta nemi ragi ba, sai dai ta tsaya ba ta ɗauki bokitin ba.

"Gyara fa? Ko shi ma ya tashi?"

Na cika tafin hannu biyu na zuba mata da zuciya ɗaya, domin wannan karon na san daga inda ya fito. Ban taɓa jin alfahari da takardar diflomata kamar yadda na ji da tasar nan ba.

Da yamma na ɗauki tasar zuwa gida, na ajiye a gaban Inna, na ba ta labarin duka har da ƙaryar da na yi mata. Ta daɗe tana juya tsakuwar da yatsa. Sannan ta ce gobe in tafi da tasar da wuri, kada Mama ta zo ta tarar babu.