Andrawus An-Ce, Mai Jaridar Bakin Tasha

A shekarun da jirgin ƙasa ke da ƙarfinsa, Kafanchan gari ne mai daɗin zama. Jirgin Kaduna ya shigo, na Jos ya fita, na Gabas yana busa daga nesa, masu tallan gyaɗa da lemo suna bin tagogi da gudu. Wanda bai ga tashar nan a lokacin ba, ko an ba shi labari sai ya ɗauka ƙari ake yi. A gefenta, ƙarƙashin wani tsohon mangwaro, Malam Andrawus yake shimfiɗa jaridunsa a kan teburi, ya danne kowace da dutse saboda iska.

Ɗan gajere ne mai sanƙo, ga tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Ya taɓa koyarwa a wata makarantar mishan a Kagoro, ciwon ƙirji ya raba shi da alli, ya koma sayar da jarida. Sai dai masu saye ba su kai masu saurare yawa ba. Da zarar jirgi ya sauke ƙunshin jaridu, leburorin reluwe da direbobi da 'yan citta sukan kewaye shi, ya karanta ta Turanci yana juya musu zuwa Hausa. Ba ya karɓar komai a kan wannan, in ban da kunu da goro da ake turo masa.

Abin da ya fitar da shi daban shi ne ba ya yarda ya tsallake wasu 'yan kalmomi da kowa ke ganin ba su da amfani. In jarida ta rubuta cewa ana zargin wane da abu, haka zai faɗa, har ya ɗaga yatsa. In ta ce rahotanni sun ce, ko wata majiya ta ce, sai ya sauke takardar ya dubi mutane ta saman tabarau.

"Kun ji dai ko? An ce ne. Mai rubutun bai gani da idonsa ba."

Daga nan suna ya bi shi, Andrawus An-Ce. Har matarsa Afiniki in ta so tsokanarsa sai ta ce, "An ce tuwo ya yi, wata majiya daga madafa ce ta faɗa."

Babban abokin gardamarsa shi ne Alhaji Mijinyawa, ɗan kasuwar citta da ke zirga-zirga tsakanin Kachia da Kafanchan, mutum mai son a faɗa masa magana a dunƙule.

"Kai Malam, ka cika kewaye-kewaye. Ya ci ko bai ci ba?"

"Alhaji, in jarida ta kama sunan wanda ya faɗa, ta ce kwamishinan 'yan sanda ne, to akwai wanda za ka riƙe. In ta ce majiya, wani ne ya raɗa mata, bai yarda a kama sunansa ba. Yana iya zama babban mutum a ofis, yana iya zama mai jin haushi. In kuma ta ce ana zargi, to alƙali bai yanke ba tukuna. Ta kuskura ta kira mutum ɓarawo kafin nan, shi zai maka ta a kotu."

"Wato tsoro suke ji."

"Da tsoron, da kuma rashin sani. Duka biyun."

Haka rayuwa ta yi ta tafiya, har shekarar da gwamnati ta matsa wa kowa ya yi noma, takin zamani ya zama abin rububi. A shekarar ne Irene, 'yar Andrawus ta fari, malamar firamare, ta kawo wanda take so. Gilbert sunansa, ɗan Kagoro, mai kula da sito a wani ofishin gona a Kaduna. Yaro ne mai fara'a, yana waƙa a majami'a, in ya zo gaisuwa har ƙasa yake durƙusawa. Andrawus ya so shi ƙwarai, bai ma ɓoye ba. An yi maganar iyaye, an sa rana bayan girbi, Pasto ya fara karanta sanarwar auren a majami'a, yana tambaya ko akwai mai dalilin da zai hana.

Ana cikin haka wata safiya jirgi ya kawo jarida. Andrawus yana cikin karatu ya kai wani ɗan labari a shafin ciki, muryarsa ta ɗan tsaya. Ya gyara tabarau ya ci gaba, domin bai taɓa tsallake labari ba. Wata majiya ta ce buhunan taki da dama sun ɓace daga wani sito, kuma rahotanni sun ce ana yi wa mai kula da siton tambayoyi. Babu suna, amma an faɗi ofishin, kuma duk wanda ke gindin mangwaron ya san inda surukin Malam yake aiki.

Kafin la'asar labari ya zaga kasuwa, kuma a hanya ya zubar da duk majiyar da rahotannin. Abin da ya isa kunnen Afiniki a wurin taron Zumuntar Mata shi ne Gilbert ya sace taki. Ta dawo gida ko mayafi ba ta cire ba.

"Baban Irene, a fasa. Ba zan ba ɓarawo 'yata ba."

"Wa ya ce ɓarawo ne?"

"Duk gari."

"Duk gari a bakina suka ji, kuma ba haka na karanta ba."

Bayan 'yan makonni jarida ta sake kawo maganar, wannan karon da suna. 'Yan sanda sun ce sun gurfanar da Gilbert a kotu bisa zargin karkatar da taki, ya ce bai aikata ba, an ba da belinsa. Andrawus ya lura majiya ta tafi, 'yan sanda sun fito da kansu, kuma hakan bai yi masa daɗi ba. Amma kalmar zargi tana nan, ita ya riƙe.

Dattawan ikilisiya suka kira shi, domin ba a ɗaura aure a majami'a da irin wannan magana a rataye. Ya je da jaridar a hammata. Wani dattijo ya ce abin da ya shiga takarda ai ya tabbata, jaridar gwamnati ba ta buga ƙarya. Andrawus ya buɗe shafin ya nuna masa da yatsa.

"Baba, abin da ya tabbata a nan shi ne an kai shi kotu. Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma ko ya ɗauki takin, jaridar da kanta ba ta ce ta sani ba. In za mu hana aure, mu hana a kan abin da muka sani."

Dattawa suka yi shawara, suka ce ba su da hujjar hanawa, magana ta koma hannun iyaye da yarinya. Da yamma Irene ta same shi yana kwashe jaridu. Ta taya shi ɗaure ƙunshin, sannan ta tambaye shi ba tare da ta ɗago kai ba.

"Baba, kai ka iya karanta waɗannan abubuwa. Ya yi ko bai yi ba?"

A nan ne ya ji nauyin sana'arsa. Ya so ƙwarai ya ce mata bai yi ba, maganar har ta zo masa baki. Amma ya san kalmar da ya kare Gilbert da ita a gaban dattawa ba ta wanke kowa.

"'Yata, zargi ba ya nufin ya yi. Ba ya kuma nufin bai yi ba. Jarida ba ta sani ba, ni ma ban sani ba. Shi me ya ce maki?"

"Ya rantse mini bai yi ba."

"To, kin ji nasa, kin ji na jarida. In kin ce a jira kotu, zan je in faɗa wa mutanensa da bakina. In kin ce a yi, ni zan riƙe hannunki zuwa gaban Pasto."

Ta ce a yi. Aka kuwa yi biki mai kyau, wanda tsofaffin unguwa suka daɗe suna tunawa. Mata suka girka tuwon acca da pate, 'yan Kagoro suka zo da ganguna, Alhaji Mijinyawa ya aiko da rago. Afiniki ta yi rawa har da guɗa, ko da yake ranta bai kwanta ba. Ma'auratan suka kama ɗaki kusa da makarantar Irene, tunda an dakatar da Gilbert daga aiki. Yakan hau jirgi zuwa Kaduna ranar shari'a, a ɗage, ya dawo. Aka yi ta ɗagewa har damina ta zagayo, cikin Irene ya tsufa, ta daina raka shi.

Wata rana ya tafi kotu, jirgin yamma ya iso babu shi. Washegari Andrawus ya yanke igiyar ƙunshin jarida, mutane suka matso kamar kullum. Idonsa ya faɗa kan labarin tun kafin karatu ya kai shafin. Ya bi shi da ido daga sama har ƙasa yana neman kalmar nan ta zargi, bai same ta ba. Sai ya karanta a fili. Kotu ta sami Gilbert da laifin sace taki, bayan direban da ya kwashe buhunan ya ba da shaida, an kuma yanke masa hukuncin ɗauri.

Alhaji Mijinyawa, wanda ya shekara da shekaru yana yi masa ba'a, ya matso ya dafa teburin.

"Malam, wannan ma ai faɗar 'yan jarida ce ko?"

"A'a, Alhaji, na gode. Wannan alƙali ne ya yanke."

Andrawus ya bar masa teburin, ya naɗe jarida ɗaya ya nufi makarantar. Tafiyar ba ta da nisa, amma ranar ta yi masa tsawo. Tsoro yake ji, kada 'yarsa ta ce shi ya kai ta ga wannan. Ya same ta zaune a bakin aji, yara suna wasa a fili. Da ta ga jarida a hannunsa a irin wannan lokaci, sai ta miƙo hannu. Ta karanta, ta sake karantawa, hawaye yana sauka a kan takardar. Shi kuwa yana tsaye, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

"Da na sani, da na ce maki ki jira," ya ce.

"Baba, ba ka yi mini ƙarya ba. Ka ce ba ka sani ba. Shi ne ya sani, ya dube ni ya rantse."

Ta share fuska da bakin zane. Sannan ta ce ba za ta iya hawa jirgi da wannan ciki ba, kuma Gilbert ya tafi da riga ɗaya ce a jikinsa.

"Gobe zan haɗa masa kaya, ka kai masa gidan yari. In ka gan shi, ka ce ina jiran ya faɗa mini gaskiya da bakinsa kafin in haihu, don in san abin da zan gaya wa ɗansa."