Tururin da ya rufe fuskar Baba Wakil

A bakin Barira mai masa na fara jin sunan Bawa Tururi. Na tsaya ina kallon sabuwar banar da ta rataya a unguwar Hammadu Kafi, masar da ke jikin banar na ta hayaƙi kamar yanzu aka kwashe ta daga tanda. Ta yi dariya ta ce masar jiya ce mai sanyi, Bawa ne ya sa mata zafi a kwamfuta.

Bawa ya haura arba'in. Da can hoton fasfo yake ɗauka, da waya ta cinye kasuwar sai ya koma gyara wa masu abinci hotuna a wani ɗan shago kusa da Federal Low-Cost. Yakan cire faranti daga tebur ya ɗora wani, ba wanda zai gane. Shi kuwa abincinsa kullum sai ya huce kafin ya tuna da shi.

Ni ke ajiye hotunan gidanmu, shi ya sa Ya Kaltum, matar ƙanen babana, ta zo wurina. Lokacin da rikici ya taso su daga Borno, mijinta Baba Wakil ya riga ta isowa Gombe, kuma ya rasu kafin ta iso. Hotonsa ɗaya ya rage, wanda wata mai abinci ta ɗauka don talla: yana zaune gaban ƙaramin kwanon farfesu, tururi ya rufe masa rabin fuska. Ya Kaltum ta ce tun da ta aure shi bai taɓa cin abincin waje ba. Ba za ta rataya wa jikokinta hoton da zai sa su ɗauka kakansu gwauro ne ba. Tana so a cire farfesun, a sa burabuskonta a cikin babbar langar da ta gudo da ita.

Muka je shagon Bawa da langar cike da burabusko, da zafinta. Bawa ya daɗe yana kallon hoton. Ya nuna mana cewa ƙwan lantarki ne a saman teburin, shi ya sa inuwar kwanon gajera ce, ta taru a ƙarƙashinsa. Ya tura ƙofa, ya kunna ƙwai ɗaya a sama, ya yi ta ɗaga kyamara yana saukewa har bakin langar ya yi irin kwanciyar bakin kwanon. Ya ɗora ta a hoton, ya zana mata inuwa biyu, siririya mai duhu inda ta taɓa tebur, da mai laushi a kewaye. Har ya rage mata kyau, don tsohon hoton ya sha yawo a waya ya dushe. Langar ta zauna daram. Ya Kaltum ta taɓa gilashin kwamfutar.

Tururin ne ya ƙi. Tsohon siriri ne, daga ƙaramin kwano ya tashi, sai ya zama kamar gefe ɗaya na burabuskon ne kawai ke da zafi. Bawa ya ce ƙara tururi wasa ne a wurinsa. Da ya faɗaɗa shi daidai langar, sai ya hau ɗaya idon ma. Cirewa kuma ba ta yiwuwa, don tururin da fuskar sun zama abu ɗaya, babu komai a ƙarƙashi da za a tono. Ya gwada manhajar da ke cike gurbi da kanta, ta fito da kumatu sumul.

"Ina tsagensa?" in ji Ya Kaltum. "Wannan ai Bakano ka kawo mini."

"Wallahi Mama, ko Bakanon ma ban san shi ba."

Ya ce zai iya juyo lafiyayyen gefen ya manna. Ta ce tsagen hagun yana da tabon ƙuruciya, na daman babu. Ya roƙe ta ta zuba burabuskon a ƙaramin kwano daidai da tsohon tururin. Ta ce to me ya raba shi da abincin waje? Langar ce gidan.

Kafin nan burabuskon ya huce. Ta tura masa ta ce ya ci, kada a yi asara. Ya ci kaɗan, kansa a ƙasa.

Har yau ba a rataya komai a ɗakinta ba. Bawa yana nan yana sa wa masa da tsire zafi, aikin Baba Wakil kuma na cikin kwamfutarsa bai goge ba. Na tambayi dangi na Maiduguri da na Tumfure nan Gombe ko suna da hotonsa, kowa ya ce nasu sun ƙone ko sun tafi da tsohuwar waya.

Ranar da muka fito daga shagon, ya biyo ni bakin keke, ya rage murya don kada ta ji.

"Ƙanwata, ki taimake ni. Ko katin zaɓe ne, ko hoton biki da ya tsaya can baya, in dai kumatun hagunsa ya fito, ki kawo mini."