Kumfa a Ƙafar Salih

Munira 'yar unguwar Aljirif ce, mahaifinta Salih mai buga bulo a bakin kogin Nilu. Sana'arta haɗa hoton ruwa mai motsi a wasannin kwamfuta. Nilun da ta haɗa, launinsa na duhu gwargwadon zurfi, duwatsun ƙasa na karkacewa a ido, zanen igiyar ruwa biyu na gudana kan juna. Kumfa kuwa tana fitowa duk inda ruwa ya haɗu da wani abu, shi ya sa ta tsayar da siffar mahaifinta a ciki don gwaji, kumfa na kewaye idon sawunsa.

Da yaƙi ya ci shi, ta kasa kallon siffar, ta goge ta. Nan take kumfar ta ɓace. Ruwan banza, ko alama bai nuna an taɓa tsayawa a wurin ba.