Baba Ya Goge Takardar Likita

Babanmu mai wanki da guga ne, kuma a duniya ba abin da ya tsana kamar abu a yamutse. Ko tsumman goge tebur sai ya ninke. Mama takan ce da ana goge mutum, da tuni ta sha dutsen guga.

Bara ya fara faɗuwa. Yana tsaye sai jiri, sai ƙasa, kafin a kawo ruwa ya farfaɗo yana neman hularsa. Likitar asibitin ƙauyenmu ta yi ta auna shi ba ta ga komai ba, sai ranar da ya sume a gabanta. Nan take ta manna masa wayoyin awon zuciya. Siririyar takardar da na'urar ta fitar ta nuna zuciyarsa na tsallake bugu.

A gabana ta baje katunansa, duk rubutun sauri kamar tonon kaza, ta tace su zuwa shafi guda ga likitan zuciya na babban asibiti: yadda yake faɗuwa, magungunansa, abin da awon ya nuna, da roƙon a duba da gaggawa ko yana bukatar na'urar daidaita bugun zuciya. Ta maƙala takardar awon a baya.

"Baba, wannan ita ce shaidarmu. A kula da ita."

Ya kuwa kula. A aljihu takardun suka yamutse, shi kuma ba zai miƙa wa babban likita abu haka ba. Ya ɗora musu dutsen guga. Wasiƙar ta fito sumul. Takardar awon, da yake irin wadda zafi ke yi wa rubutu ce, ta koma baƙi ƙirin.

Babban likitan ya ɗaga ta da yatsa biyu, ya yi dariya. Ya sa aka sake awo, zuciyar Baba kuwa ta yi lafiya lau, don ciwon zuwa yake yana tafiya.

Na ce, "Likita, ai ta rubuta abin da ta gani."

"'Yata, likitocin ƙauye kullum gani suke. Ku dawo bayan wata huɗu."

Ko rabin shafin bai karanta ba, idona a kansa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Mace ta hana kanta abincin rana ta rubuta maka, kai kana dariyar tsoho!

Likitarmu ta sake rubutawa, ta yi waya har ta gaji. Shiru.

Baba bai zargi kowa ba sai kansa. Ya rufe shago. Kullum da safe yakan sa riga mai karin guga ya je asibitin ƙauyenmu ya zauna a bencin da ke ƙofar ɗakin awo, yana jiran ya sake suma a auna shi nan take. Jiya na kai masa abinci, na ce ya jiki.

Ya ce, "Yau ma ban faɗi ba, uwata. Ki taya ni addu'a."