Saniya Mai Hannu

Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan da ya cika Gombe da babura, a shekarar ce ɗana ya kusa shiga littafin shanu na gwamnati. Yana da shekara biyu da 'yan watanni, ban daɗe da yaye shi ba.

Da zazzaɓi abin ya fara, kwana biyu. A rana ta uku na ɗauko masa koko ya kawar da kai, yawu na zuba har ƙirjinsa. Na buɗe bakinsa na ga ƙananan gyambuna a harshe da cikin kumatu. Da na juya hannunsa sai ga ƙuraje a tafin, wasu sun ɗuri ruwa, kewayensu ja. Tafin ƙafa ma haka, har da 'yan kaɗan a ɗuwawu. Na goya shi sai asibiti.

Malamar asibitin da ta duba shi dattijuwa ce, Hausarta da ɗan karin mutanen kudancin Gombe. Ta ce a satin nan yara da dama ta gani da irin wannan. Ta ce ciwon yara ne, yaro ke shafa wa yaro, ta yawu da ruwan ƙurajen da bayan gida, kuma ba allurar da ke kashe shi, da kansa yake wucewa cikin mako guda ko kwana goma. Ta ba ni maganin zazzaɓi na ruwa. Ta ce kada a fasa ƙurajen, kada a ba shi abu mai zafi ko yaji ko tsami, in riƙa wanke hannuna da sabulu duk lokacin da na yi masa tsarki, in ware masa kofi da cokali, in hana shi shiga cikin yara. Sai ta kama hannuna.

"Uwar yaro, ƙurajen nan ba su ne abin tsoro ba. Bakin ke masa zafi, zai ƙi sha. Ki ba shi mai sanyi, kaɗan-kaɗan. In ya wuni daga safe har la'asar bai yi fitsari ba, ki dawo da shi da gudu, sai mun ƙara masa ruwa."

Ta rubuta sunan ciwon da Turanci a kati. Ni ajin yaƙi da jahilci na yi, Hausa nake karantawa, don haka na ninke katin na sa a bakin zane.

Maigidana masinja ne a ofishin kula da dabbobi. Turancinsa na jikin bangon ofis ne, abin da ya saba gani a manne shi yake ganewa. Da ya dawo ya karɓi katin, ya bi shi da yatsa, sai na ga ya nemi wuri ya zauna.

"Fut an maus," in ji shi. "Inna lillahi. Kin san me wannan yake nufi? Boru ke nan. Ciwon baki da kofato na shanu."

Na ce, "Malam, malamar ta ce ciwon yara ne."

"Ita mutane ta sani. Mu ne muka san wannan."

Ni ba mai ja-in-ja ba ce, kuma yaron ɗan fari ne, kunya ba ta bari in cika baki a kansa. Kafin rana ta faɗi ya kafa mana dokokin ofishinsu. Ya ajiye daro a bakin zaure da ruwan magani mai warin asibiti, duk mai shiga ko fita sai ya tsoma ƙafa. Mai tallan kuka ma sai da ta tsoma. Akuyarmu guda ɗaya, wadda ba ta taɓa yi wa kowa komai ba sai cin shanya, ya ɗaure ta a bayan ɗaki, ya ce ita ce ta kawo. Doka ta uku ita ce ta dame ni: ya hana nono shiga gidan, ko na saniya ko na akuya.

Ranar nan da ƙyar yaron ya sha ruwa cokali biyar ko shida. Ruwan randa ma in ya taɓa harshen sai ya ƙwalla ƙara.

Washegari da safe surukata ta iso daga Kwadon, don labari ya riga ya je mata. Ta tsoma ƙafa a daro tana faɗa, ta shigo ta ɗauki jikanta.

"Mai gidana, kai ne ka zama saniya? To wa zai biya maka jangali?" Ta buɗe yatsun ƙafarsa ɗaya bayan ɗaya tana dubawa. "A wajenmu mboru muke cewa. Kanwa da gishiri ake goga wa dabba a baki. Miƙo min allura in fara tsiyaye ruwan nan."

Na ce, "Inna, allurar ta ɓata tun jiya."

Tana cikin wani gwangwani a ƙarƙashin katifa, Allah Ya yafe mini. Kanwar ma na ce ta ƙare, gishiri kuma na ce ya jiƙe. Ta dube ni ta ce wannan wane irin gida ne da ba komai a cikinsa sai daro.

Ni dai hankalina na wuri ɗaya. Da gawayi nake yin zane a bayan ƙofa duk lokacin da ya yi fitsari. Jiya zane biyu. Yau tun na asuba, ɗan kaɗan mai duhu, ban ƙara ko ɗaya ba. Leɓensa ya fara bushewa. Hantsi ya wuce, na riƙa kallon inuwar katanga, na ƙudura a raina cewa in aka kira la'asar ba zane na biyu, zan goya shi in tsallake daron in tafi, ko wa zai yi magana ya yi.

Maƙwabciyarmu malamar makaranta ce, 'yar ƙabilar Tangale, mijinta ma malami. Da kuɗin ƙarin albashi suka sayi firji, shi ne na farko a layinmu. A falo suka kafa shi da leshi a kansa da furen roba. Abin da ke ciki bai wuce kwalbar ruwa da kwalbar lemo ɗaya ba, wadda ake nuna wa baƙi ba a sha. Na leƙa ta katanga na gaya mata halin da nake ciki, na ce kada ta shigo saboda 'ya'yanta.

"Saniya?" in ji ta. "Yaran unguwar nan nawa suka yi wannan, ban ji wanda ya fito da ƙaho ba. Tsaya."

Ta tare mai nono a ƙofarta, ta sayi kindirmo sabon kwana wanda bai yi tsami ba, ta sa a ƙaramar kwano ta tura wajen da ya fi sanyi a firjin. Ta miƙo mini kwalbar ruwan ta saman katanga, ta ce in fara da ita. Ya karɓi cokali biyu, na uku ya tofar. Inna ta gani ta ce yanzu kuma sanyi za a sa wa yaro a ƙirji bayan boru.

Ana kiran azahar muka ji babur a ƙofar gida. Ashe maigidan, da yake mai bin doka ne, ya kai rahoto ofis da safe cewa boru ya ɓulla a gidansa. Sai ga shi tare da malamin dabbobi, mutum mai tsayi da takalmin roba har gwiwa da babban littafi a hammata. Ya yaba da daron. Ina daga bakin ɗaki ina jin su.

"Kai nawa suka kamu?"

"Ɗaya ne, ranka ya daɗe."

"Namiji ko mace?"

"Namiji."

"Shekara?"

"Biyu da 'yan watanni."

"Yana kiwo?"

"Ya daina ci gaba ɗaya. Sai dalalar da yawu."

"To, boru ne kam. An yi masa fiɗiya?"

Inna ta saki salati.

Malamin ya hango akuya a bayan ɗaki ya nufe ta. Ya buɗe bakinta, ya ɗaga kofatanta huɗu, ita kuwa ta samu gefen littafinsa ta fara ci. Ya ce wannan lafiyarta ƙalau, kuma ai mace ce, ina namijin? Maigidan ya nuna ɗakina da baki.

Ana cikin haka maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa katanga, na karɓo kwanon, sanyinsa har yana kama yatsa. Na zauna a bakin ƙofa da yaron a cinya, a gaban maigidan da dokarsa, na ɗebo a bakin cokali na taɓa masa a leɓe. Ya yamutsa fuska zai yi kuka, sai ya tsaya. Ya lasa. Ya buɗe baki da kansa.

"Ke! Nono ne wannan?" in ji maigidan.

Na ce, "Nono ne, Malam." Ban ɗaga kai ba, na ɗebo na biyu.

Malamin dabbobi ya dubi yaron, ya dubi maigidan, ya ce a ba shi katin. Ya karanta, ya cire hularsa ya sosa kai ya mayar.

"Masinja, zo nan. Wannan kalmar ta farko, me ta ce?"

"Ita ce ban gane ba, ranka ya daɗe, shi ya sa na tsallake ta."

"Hannu ta ce. Hannu da ƙafa da baki. Shekara nawa kana ofishinmu, ka taɓa ganin saniya mai hannu?"

Ya ce sunan ne kawai ya yi kama, amma ciwon daban ne, wannan ba daga dabba yake zuwa ba kuma ba ya komawa kan dabba, a bi abin da malamar asibiti ta faɗa. Inna ta ce dama ita tun da ta duba ƙafar ta ga ba kofato ba ne.

Ni ina ta cokali. Kindirmo, ruwan sanyi, kindirmo, ruwan sanyi, a hankali, in ya kau da kai in jira. Ya shanye kwanon da kusan rabin kwalbar. Malamin bai tafi ba, wai sai ya ga abin da zai rubuta, don an riga an buɗe shafi. Suka zauna a tabarma ana ta shawarar yadda za a soke rahoton ba tare da babban ofis ya tambayi ina saniyar take ba.

Inuwa ta kusa kai gindin randa, wajen da take kaiwa in la'asar ta yi, sai yaron ya zame daga cinyata. Ya taka a hankali, yana ɗaga ƙafa saboda ƙurajen, ya je gaban takalmin robar da malamin ya tuɓe a gefen tabarma, ya tsaya, ya saki fitsari a ciki. Mai yawa. Na manta da kunyar ɗan fari, na manta da baƙo, na ce, "Alhamdu lillahi!" da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Na shiga na ɗauki gawayi na ja zane mai kauri a bayan ƙofa.

Malamin ya wanke takalminsa a daron, wanda shi ne amfani na farko da daron ya yi.

Bakin ya warke cikin mako, ƙurajen suka bushe, fatar tafin ta ɗan saɓule ta koma daidai. Bayan wata guda farcensa biyu suka fita, maigidan ya fara cewa ko kofato ne zai fito, sai ya dube ni ya haɗiye sauran. Sababbin farce ne suka fito. Akuyar kuwa an kwance ta tun ranar da malamin dabbobi ya zo, ta wuce kai tsaye wajen igiyar shanya ta cinye hannun rigarsa ta aiki.