Malam Sai-na-duba da sunan zoɓo

A ƙauyensu da ke gefen Kunci, ba wanda ke kiran Malam Khamisu da sunansa na yanka sai matarsa Jumma, ita ma sai ranta ya ɓaci. Kowa Malam Sai-na-duba yake ce masa. Shekara talatin ya yi yana koyar da Turanci a firamare, kuma ko ranar kasuwa ka tambaye shi, amsar ɗaya ce. Saboda wannan hali ne ake tura shi binciken asali in za a yi aure. Ba ya tambayar dangin yaro, don ya san yabo kawai zai ji. Wajen maƙwabta yake zuwa, ya ji da wa yaron ke yawo.

Da ya yi ritaya sai ya ɗauko wani aikin da ba wanda ya sa shi. Sharhin ƙwallon Sifen da yake ji a gidan kallo ya tsaya masa a rai, ya shiga koyon Sifaniyanci a waya. Shekara uku ana yi masa dariya, Jumma ce kan gaba.

Bana zoɓo ya yi kyau, amma dillalin da ya saba kwasa bai zo ba. Buhuna suka cika ɗakin ajiyar ƙungiyar manoma, har da na Jumma da ta ɓare da hannunta. Zoɓo kuwa in ya daɗe, jansa dusashewa yake yi, mai saye ya juya baya. Dabo, shugaban ƙungiyar, ya samo adireshin wani ɗan kasuwa a Meziko, inda ake shan zoɓon Najeriya sosai. Ya iske Khamisu a gindin darbejiya.

"Malam, yau ga ranar yarenka. Rubuta masa muna da zoɓo."

Khamisu ya buɗe ƙamus na Turanci da Sifaniyanci a wayarsa, tunda bai da na Hausa. Ya sa sunan zoɓo da Turanci, sai ga amsoshi sun jeru: hibisco, rosella, saril, flor de jamaica.

"Ɗauki na farko mana," in ji Dabo. "Ai ba banza aka sa shi a gaba ba."

"Sai na duba."

Dabo ya dafe kai. "Malam, zoɓo na can yana mutuwa, kai kana nan kana neman asalin kalma!"

Maganar ta sosa masa rai, don ya san gaskiya ce, kuma ya san in wasiƙar ta tafi da sunan da ba a amfani da shi a can, ba lallai a karanta ta ba. Ya ce ƙamus kamar dangi ne, kowace kalma a wurinsa ta kirki ce. Bari ya je wajen maƙwabta.

Maƙwabtan nan wani rumbu ne a intanet da aka tara jimlolin da masu harshen suka rubuta, kowace da sunan ƙasar da ta fito. Ya sa hibisco. Yawancin jimlolin maganar furen ado ne a lambu, sai ɗan shayi jefi-jefi. Ya sa saril, ya ga mutanen Panama ne ke faɗinta. Rosella ba ta da jama'a sosai. Da ya sa ta ƙarshe ya taƙaita binciken ga Meziko, sai jimloli suka yi ta zuba: ana busarwa, ana aunawa a kasuwa, ana jiƙawa a sha da sanyi. Ya koma ƙamus ya juya ta zuwa Turanci, ta dawo masa da zoɓo. Sai bayan la'asar ya gama.

Dabo ya leƙa wayar ya tsuke fuska. "Jamaica kuma? Zoɓon Kuncin?"

"Haka suke kiransa a gidansu, Alhaji. In ka je garin mutane, da sunan da suka sani ake sallama. Na rubuta daga Najeriya yake."

Ya tura wasiƙar, kwana huɗu shiru. Khamisu ya daina zama a majalisa.

Ranar Laraba da hantsi wayar ta yi ƙara. Saƙon ɗan kasuwar ne, yana so a aika masa samfuri da hotuna, kuma da wannan sunan dai ya kira zoɓon. Jumma ta rangaɗa guɗa har awaki suka watse. Dabo ya zo da gudu, hularsa a hannu.

Khamisu, don murna, ya fara rubuta amsa nan take. Sai Dabo ya riƙe masa hannu.

"A'a, Malam, ina kake sauri? Duba tukuna. Za mu jira."